Nauyin Fuska a Lokacin Sujada: Sainus Ne, Ko Wani Ciwon Ne Ya Ari Rigarsa?

Da zarar hunturu ya kankama, ƙura ta rufe sararin samaniya, leɓɓa suka fara tsagewa, akwai wani koke da likitoci da masu kemis ke yawan ji a Kano da Katsina da Maraɗi. Mutum zai shigo yana dafe da goshi ya ce: "Likita, fuskata ce ta yi nauyi. Idan na yi sujada sai in ji kamar idanuna za su zazzago." Wata kuma za ta ce tsintsiya ma ta gagare ta, domin tana sunkuyawa shara sai ta ji kamar an ɗora mata dutse a kumatu. Kafin likita ya buɗe baki, mai ciwon ya riga ya yanke hukunci: "Sainus ɗina ne ya tashi."

Wani lokaci gaskiyarsa ce. Amma sau da yawa ba haka ba ne. Ciwon fuska da ke ƙaruwa idan an sunkuya alama ce da cututtuka da dama suka yi tarayya a cikinta, kuma ita kaɗai ba ta isa shaida ba. Abubuwa biyu ne ke raba gardama: halin da hanci yake ciki, da lissafin kwanakin ciwon. Wanda ya fahimci waɗannan biyun ya tsira daga shan ƙwayoyin da ba nasa ba na tsawon shekaru.

Ramukan da ke cikin ƙashin fuska

Ƙashin fuskar ɗan Adam ba curarre ba ne. A cikinsa akwai ramuka masu ɗauke da iska, hagu da dama, kashi huɗu. Mafi girma su ne na cikin kumatu, ƙarƙashin ido, kuma kowanne a jikin babban mutum yana iya cin ruwa kimanin babban cokali ɗaya. Akwai na goshi, a saman gira. Akwai wasu ƙanana masu kama da saƙar zuma a tsakanin idanu biyu. Na huɗun yana can ciki, bayan hanci, kusa da tsakiyar kai. Waɗannan ramuka su ake kira sainus, kumburin fatar da ta lulluɓe cikinsu kuma shi ne sainusaitis. Ke nan kowa yana da sainus; abin da ba kowa ke da shi ba shi ne kumburinsa.

Fatar cikin ramukan irin ta cikin hanci ce, kullum tana fitar da majina siririya wadda mutum ba ya ma sanin tana fita. A kan fatar akwai wasu gasu ƙanana da ido ba ya iya gani, suna kaɗawa dare da rana, suna share majinar tare da ƙurar da ta kama, suna tura ta ta wata 'yar ƙofa zuwa cikin hanci, daga nan ta gangara maƙogwaro a haɗiye ta. Ƙofar nan faɗinta 'yan milimita ne kawai. Ta ramin kumatu kuwa ba a ƙasa take ba, a can sama take kusa da rufin ramin, kamar randar da aka huda a wuya maimakon a gindi. Saboda haka majinar kumatu ba ta zuba da kanta, sai gasun nan sun hau da ita.

Idan mura ta kama mutum, fatar hanci takan kumbura, ƙofar ta ƙuntata ko ta toshe, gasun su yi sanyi da aiki, majina ta taru ta yi kauri. Daga nan nauyin ke farawa. Idan mutum ya sunkuya, kansa ya yi ƙasa da ƙirjinsa, jini yakan ƙara taruwa a jijiyoyin fuska, fatar da dama a kumbure take ta ƙara cika a cikin ramin ƙashi da ba ya miƙewa. Shi ya sa ruku'u da sujada da ɗaura igiyar takalmi ke tsananta ciwon.

Kwana goma na wani tela

A ɗauki misalin wani tela mai shekara talatin da 'yan kai, wanda shagonsa ke bakin titi mai ƙura. Ranar Litinin ya tashi da atishawa da ƙaiƙayin maƙogwaro, hanci na zubar da ruwa. Zuwa Laraba hancin ya toshe, majina ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa, kuma idan ya duƙa kan keke zai zura zare a allura sai ya ji kumatunsa biyu sun yi nauyi. Abokan sana'a suka ce ya je kemis ya sayi antibayotik, tunda majina ta canza launi.

A wannan mataki bai buƙatarsa. Abin da ke damunsa mura ce ta ƙwayar bairos, kuma kusan kowace mura tana ɗan taɓa ramukan fuska. Launin majina ba ya nuna cewa bakteriya ta shiga. Fararen ƙwayoyin jini da suka zo yaƙi da cutar su ne ke rina ta ɗorawa ko kore, ko da bairos ne kaɗai. Antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos ko kaɗan. A cikin manya ɗari da mura ta kama, waɗanda tasu ke rikiɗa ta zama sainusaitis na bakteriya ba su wuce ɗaya ko biyu ba.

Telan ya haƙura. Ranar Asabar ya ji sauƙi, har ya ɗinka kaftani biyu. Amma ranar Litinin ta biyu sai ciwon ya dawo da ƙarfinsa, kuma ya canza kama. Zazzaɓi ya rufe shi. Ciwon ya tattara a kuncin dama, haƙoransa na sama a wannan ɓangaren suna masa tsami idan ya taka ƙasa da ƙarfi, majina mai kauri kamar ruwan ƙurji tana fita ta hancin dama tana kuma gangara masa maƙogwaro, ƙamshin miya ma ba ya ji. Wannan komowar ciwo bayan an fara samun sauƙi ita ce ɗaya daga cikin alamomi uku da likitoci ke dubawa kafin su ce bakteriya ta shiga. Ta biyu ita ce ciwon ya wuce kwana 10 ba tare da wani sauƙi ba. Ta uku ita ce ya fara da tsanani tun farko, da zazzaɓi mai kai maki 39 da majina mai kama da mugunya, kwana uku ko huɗu a jere.

Da ya je asibiti, likita ya haska cikin hancinsa ya ga majinar tana gangarowa daga gefen da ƙofar ramin kumatu take. Ya sa aka yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro, domin a ƙasarmu zazzaɓi da ciwon kai ba a yi musu gaggawar suna, gwajin ya nuna babu. Sannan ya rubuta masa amoksisilin na mako ɗaya, da farasitamol, ya koya masa wanke hanci da ruwan gishiri. Bai tura shi ɗaukar hoto ba, domin a irin wannan ciwo na 'yan kwanaki hoton eksiray ba ya ƙara wa likita komai. Kwana uku bayan nan telan ya koma kan kekensa.

Abin lura a labarinsa shi ne hanci bai taɓa fita daga cikin maganar ba. Toshewa, majina mai kauri, raguwar jin ƙamshi, duk suna nan tare da ciwon fuskar, sun zo tare sun tafi tare. Sainusaitis ciwon hanci ne kafin ya zama ciwon fuska. Idan hanci a buɗe yake, iska na shiga tana fita, babu majina mai kauri, ƙamshi na nan daram, to da wuya ƙwarai a ce ramukan fuska ne ke da laifi.

Ciwon ɓarin kai, babban mai arar riga

Ga misali na biyu. Wata malamar makarantar firamare, shekararta arba'in, ta yi shekara shida tana cewa tana da sainus. Sau biyu ko uku a wata ciwo ke kama ta a goshi da bayan ido, wani lokaci har kunci. Idan ta sunkuya wanki sai ya riƙa sara kamar ana daka a cikin kanta. Idonta yakan yi ruwa, hancinta ya ɗan toshe ko ya zubar da ruwa garai-garai. Kowane karo sai ta aika yaro kemis, ta sha antibayotik, bayan kwana biyu ciwon ya tafi, ita kuma ta ƙara sakankancewa cewa maganin ne ya yi aiki.

Tambayoyin da likita ya yi mata ba na hanci ba ne kawai. "Hajiya, idan ya tashi, kina jin tashin zuciya?" Tana ji. "Haske fa, da hayaniyar yara?" Sai ta rufe taga ta kwanta a ɗaki mai duhu. "Yana zuwa kusa da lokacin al'ada? Ko ranar da ba ki samu barci ba, ko kika wuni ba ki ci abinci ba?" Duk haka ne, kuma ƙamshin turaren wuta mai ƙarfi ma yana tayar mata da shi. Mahaifiyarta ma haka ta yi fama.

Wannan ciwon ɓarin kai ne, wanda likitoci ke kira maigiren. Yakan ɗauki daga awa 4 zuwa awa 72 ya lafa da kansa, ko an sha antibayotik ko ba a sha ba. Dalilin ruɗanin kuwa shi ne jijiya ɗaya ce ke ɗaukar saƙon ciwo daga goshi da kumatu da haƙora da ramukan fuska da kuma fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Rassa uku gare ta a kowane gefe: ɗaya na goshi da ido, ɗaya na kunci da haƙoran sama, ɗaya na muƙamuƙin ƙasa. Idan maigiren ya tsokano wannan jijiya, mutum na iya jin ciwon a daidai inda ramukan suke, kuma tsokanar kan sa ido ya yi hawaye, hanci ya cushe. Duk wani motsi da ke ƙara taruwar jini a ka, kamar sunkuyo ko hawa bene, yana tsananta shi.

Ba ƙaramin ruɗani ba ne wannan. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a shekarar 2004 ya duba mutane kusan 3,000 da ke cewa ciwon kan sainus ke damunsu, waɗanda ba a ga alamar ƙwayar cuta a tare da su ba. Kashi 88 cikin ɗari nasu alamominsu na maigiren ne. Ciwon da ke zuwa ya tafi cikin kwana ɗaya ko biyu, ya sake dawowa bayan mako biyu, shekara da shekaru, a tsakani kuma mutum garau yake, wannan ba ɗabi'ar sainusaitis ba ce.

Malamar ta samu sauƙi ne da aka gyara mata tsari: shan maganin ciwo da wuri tun ciwon bai yi ƙarfi ba, kiyaye lokacin barci da na abinci, da rubuta ranakun ciwon a littafi domin likita ya ga ko tana buƙatar maganin rigakafi na kullum. An kuma ja mata kunne a kan wani tarko. Mai shan maganin ciwon kai irin farasitamol ko ibufurofen kwana 15 ko fiye a kowane wata, watanni a jere, maganin da kansa yana iya zama sanadin ciwon kai na kullum.

Akwai kuma wani ciwon da ba ya sara, sai dai ya matse. Mutum zai ji kamar an ɗaure masa goshi da karan hanci da kumatu da ɗankwali, hagu da dama daidai, kusan kullum, babu tashin zuciya, babu majina. Ɗan'uwan ciwon kan gajiya da damuwa ne, sai dai ya sauko tsakiyar fuska. Irin waɗannan mutane idan aka ɗauke su hoto ramukansu fes suke, kuma tiyatar hanci ba ta yi musu magani.

Idan laifin haƙori ne

Saiwoyin turamen haƙora na sama suna dab da ƙasan ramin kumatu, a wasu mutanen ma siririn ƙashi ne kawai ya raba su. Saboda wannan maƙwabtaka ciwon na tafiya ta hanya biyu. Sainusaitis kan sa haƙoran sama da yawa su yi tsami gaba ɗaya, kamar yadda ya faru da telan. Ruɓaɓɓen haƙori ɗaya kuma kan aika ciwo sama zuwa kunci da ƙasan ido, har mutum ya rantse sainus ne.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa. Ciwon haƙori yakan zabura idan ruwan sanyi ko shayi mai zafi ko abu mai zaƙi ya taɓa shi, ko idan an tauna a kansa, yakan hana barci da dare, kuma idan likitan haƙori ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya, guda ɗaya ne zai sa mutum ya zabura. Wani lokacin kuma mugunyar da ke gindin haƙorin takan fasa ta shiga ramin kumatu. A nan sai a ga majina mai ɗoyi daga hanci ɗaya kawai, mutum yana jin warin da na kusa da shi ba sa ji. Ko kwali nawa na antibayotik aka sha, ciwon zai dawo muddin ba a gyara haƙorin ko an cire shi ba.

Gaɓar muƙamuƙi, wadda ke gaban kunne, ita ma tana da nata. Masu cizon haƙora cikin barci da masu wuni suna tauna goro ko cingam sukan ji ciwo a gefen fuska da gefen goshi, ya ƙaru lokacin tauna ko hamma, wani lokaci da ƙara ƙas-ƙas idan an buɗe baki. Danna naman gaban kunne da yatsa yakan tayar da ainihin ciwon da mutum ke kuka da shi.

Mai kama da wutar lantarki, da mai tashin dare

Akwai ciwo biyu da ba su da yawa amma wanda ya gamu da su ba ya mantawa. Na farko ciwon jijiyar fuska ne, ya fi kama waɗanda suka haura shekara hamsin. Yana zuwa kamar an jona wa mutum wutar lantarki a kunci ko muƙamuƙi, gefe ɗaya, na daƙiƙu kaɗan zuwa minti biyu, sai ya ɗauke. Abin da ke tayar da shi taɓawa ce mai sauƙi: ruwan alwala a fuska, asuwaki, aski, magana, ko iskar hunturu. Za ka ga dattijo yana tsoron wanke fuska, yana cin abinci a gefe ɗaya, wani ma an cire masa haƙora biyu ko uku a banza. Farasitamol ba ya masa komai. Maganinsa na farko kabamazafin ne, wanda asalinsa maganin farfaɗiya ne, kuma likita ne kawai ya kamata ya ɗora mutum a kansa.

Na biyu ya fi kama maza. Ciwo ne mai tsananin gaske a cikin ido ɗaya da kewayensa, yana ɗaukar minti 15 zuwa awa uku, idon ya yi ja yana hawaye, hancin wannan gefen ya toshe. Yakan zo a lokaci guda kowace rana, sau da yawa cikin dare, na makonni, sannan ya ɓace watanni. Mai maigiren neman wurin kwanciya yake yi, shi kuwa wannan ba ya iya zama, sai kai da komo a tsakar gida. Toshewar hancin ce ke sa a ɗauka sainus ne.

Abin da za a iya yi a gida

Ga wanda alamominsa na mura ne da nauyin fuska, kwanakin ba su kai goma ba, kuma babu tsanani, jiki ne zai yi aikin. Ko a cikin waɗanda likita ya ce sainusaitis ne, kusan kashi biyu cikin uku suna warkewa cikin mako biyu ba tare da antibayotik ba. Abin da ake buƙata shi ne rage ciwo da buɗe hanya.

Wanke hanci da ruwan gishiri shi ne mafi arha. A tafasa ruwa rabin lita, wato kwatankwacin ledar fiya wata ɗaya, a bar shi ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, a zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafaffe, ba mai tozo ba. A wanke hannu, a zuba kaɗan a tafin hannu ko a sirinji marar allura, a sunkuya a shaƙa ta hanci ɗaya a bar shi ya zubo, sannan ɗaya hancin, sau biyu ko uku a rana. Tafasawar ba ado ba ce: ruwan rijiya ko na tanki na iya ɗauke da ƙwayoyin da ciki ke iya kashewa amma hanci ba ya iyawa. A haɗa sabo kowace rana, kuma kada a sa kanwa ko wani gari a ciki.

Farasitamol na rage ciwon. Babban mutum na iya shan ƙwaya biyu masu miligiram 500, kada ya wuce sau huɗu a rana. Ibufurofen ma yana aiki, amma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su nisance shi sai da izinin likita. Sirace yakan sa mutum ya ji daɗi na ɗan lokaci, amma ba ya kashe cuta, kuma tukunyar tafasasshen ruwa a ƙarƙashin bargo ta ƙona yara da yawa. A lokacin ƙura, takunkumin fuska ko rawani a kan hanci, da nisantar hayaƙin itace da na taba, suna rage wa fatar hanci wahala.

Sai maganin ɗigawa ko fesawa a hanci da ake saya a kemis, irin su zailometazolin. Yana buɗe hanci cikin mintuna, shi ya sa mutane ke son sa. Amma idan aka wuce kwana biyar zuwa bakwai ana amfani da shi, hanci yakan saba, da ƙarfinsa ya ƙare sai ya toshe fiye da da, mutum ya ƙara ɗigawa. Akwai masu yawo da 'yar kwalbar a aljihu shekara guda, suna cewa sainus ɗinsu ya ƙi ji, alhali kwalbar ce ciwon. Wannan dabam yake da feshin sitiroyid da likita ke rubutawa, wanda ke aiki a hankali cikin kwanaki da makonni, kuma shi ne ginshiƙin maganin alajin hanci da sainusaitis mai daɗewa.

Mai daɗewar shi ne wanda ya kai mako 12. Abin mamaki, ciwon fuska ba shi ne babban kukan masu shi ba. Sun fi kuka da toshewar hanci, majina a maƙogwaro, da rashin jin ƙamshi, wasu kuma da tsiro mai laushi a cikin hanci. Tabbatar da shi sai likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da siririn madubi mai fitila, ko an ɗauki hoton siti sikan. Ana samun waɗannan likitoci a asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da ke Kano, da Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna.

Alamomin da ba a kwana da su

Ramukan fuska maƙwabtan ido ne da ƙwaƙwalwa, bangon da ya raba ramukan tsakanin idanu da kwarmin ido kuwa siriri ne kamar takarda. Ba kasafai cuta ke tsallaka shi ba, amma idan ta tsallaka awanni ne ke raba gani da makanta. Fatar ido ta kumbura ta yi ja bayan mura, musamman ga yaro, ko ido ya turo waje, ko mutum ya riƙa ganin abu biyu-biyu, ko ganinsa ya ragu: wannan na asibiti ne a daren. Haka kumburi mai laushi a tsakiyar goshi, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sandarewar wuya, ko ruɗewa da yawan barci da farfaɗiya, domin suna iya zama sanƙarau ko mugunya a cikin kai.

Mai ciwon sukari da bai daidaita ba, idan ya ji ciwon fuska gefe ɗaya da kumburi, ko ya ga baƙin tabo a cikin hanci ko a dasashi da rufin baki, kada ya jira. Akwai wata cutar fumfuna mai cin nama da sauri, wadda ta addabi dubban mutane a Indiya a shekarar 2021 lokacin annobar korona. Jan ido ɗaya mai ciwo da amai da ganin bakan gizo kewaye da fitila kuma hawan ruwan ido ne na gaggawa, aikin likitan ido.

Wasu alamomin ba su da gaggawar dare ɗaya amma ba a watanni da su. Hanci ɗaya da ya toshe ya ƙi buɗewa, majina mai jini daga gefe ɗaya, kunci ya mutu ba a jin taɓawa, haƙoran sama suna girgiɗi ba dalili: dole a leƙa a tabbatar ba ƙari ba ne. Sabon ciwon kai da ke ƙaruwa mako bayan mako, ya fi tsanani da asuba, ya zabura da tari ko sunkuyo, tare da amai, shi ma na likita ne. Ga ƙaramin yaro kuwa, majina mai wari daga hanci ɗaya galibi ƙwayar wake ce ko gyaɗa ko dutsen ado ya cusa, kuma ramin goshi bai ma gama samuwa a jikinsa ba sai ya doshi shekara bakwai ko fiye. Kada a sa tsinke a ciro, a kai shi a cire masa.

Duk mai karatun da ya daɗe yana kiran ciwonsa sainus, ya samu ɗan littafi ya yi wata ɗaya yana rubuta abu huɗu: ranar da ciwon ya fara da ranar da ya tafi, gefen da yake, halin da hanci ke ciki a lokacin, da ko akwai tashin zuciya ko gudun haske. Ya rubuta kuma kowace ƙwaya da ya sha. Da wannan takarda zai shiga wurin likita, ba da sunan cuta ba. Kafin nan, kada ya sake sayen antibayotik a kemis saboda kawai fuskarsa ta yi nauyi a sujada.